Ku duba min lissafin cinikin ruwan leda kafin in kai wa Kawu

Nura: Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina neman a duba min wani lissafi, kuma don Allah kada a ji kunyata. Kawuna ya yarda zai zuba kuɗi mu buɗe kamfanin ruwan leda a wajen Kumbotso, ni zan riƙe, amma ya ce sai na kawo masa tsari a rubuce. Ɓangaren ciniki ga yadda na yi shi. Inji biyu, kowanne yana fitar da jaka 100 a awa. Aiki awa 10 a rana, jaka 2,000 ke nan. Kwana 30, jaka 60,000 a wata. Jaka N300, wato miliyan 18 a wata, miliyan 216 a shekara. Shekara ta biyu na ƙara kashi 25 cikin ɗari saboda an san mu. Rijiyar burtsatse tana nan, akwai janareto a lissafi, da motar rabo guda ɗaya, ƙirar Kanta. Ina rauninsa yake?

Malam Habu: Wa'alaikumus salam. Ma sha Allah, Allah ya sa albarka. Ruwa ai ba ya kwantai a Kano, kowa sai ya sha. Ka fara kawai, arziki na Allah ne.

Injiniya Kabiru: Lissafin injin daidai ne. Irin waɗannan injinan suna yanka ƙwaya 2,000 ko sama da haka kaɗan a awa, kowace jaka ƙwaya 20, ka ga jaka 100 ta fito. Abin da zan ce ka gyara shi ne awa 10 ɗin. Za a tsaya canza naɗin leda, wani lokacin wuƙar ta daina liƙewa da kyau sai an saita zafi, ga sauyi daga nepa zuwa janareto. Ka lissafa awa 8 na ainihin aiki, jaka 1,600. Idan ka yi haka sauran ya zauna.

Alhaji Ɗanlami: Injiniya, ko awa 24 injin zai yi sauran bai zauna ba. Nura, na daɗe a wannan sana'a, bari in tambaye ka abu ɗaya. Jaka ɗaya kilo nawa ce?

Nura: Ranka ya daɗe ban taɓa aunawa ba.

Alhaji Ɗanlami: Ba sai ka auna ba. Ƙwaya ɗaya rabin lita ce, 20 lita 10, lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya. Jaka kilo 10 ke nan. Jakarka 2,000 tan 20 ce ta ruwa, kullum sai ta bar harabar kamfani ta isa hannun wanda zai biya. Motarka guda ɗaya idan ka loda mata jaka 300 ka ɗora mata tan 3, kuma a hanyoyin cikin unguwa da muka sani, fiye da haka sifirin za ka riƙa saye. Tan 20 a mota mai ɗaukar 3, sawu bakwai ke nan a rana.

To mu bi sawu ɗaya mu gani. Ba mutum ɗaya za ka juye wa jaka 300 ba. Mai shago zai ce a sauke masa 10, na gaba 15, wani 20. Mu ce 15 ne tsaka-tsaki, tsayawa 20 ke nan kafin mota ta kwashe. Kowace tsayawa yara su sauke, su jera masa inda yake so, ya ƙirga, ya fito da waɗanda suka fashe na jiya a canza masa, ya ce a jira taransifa ta shiga. Minti 10 ba ta yi yawa ba. Sau 20, awa uku da minti 20 ta tafi, ba a sa lodi ba, ba a sa tafiya da dawowa ba. Sawu ɗaya awa huɗu ne. Direba mai himma da ya fito da asuba zai yi uku. Jaka 900. Ragowar 1,100 da injinka ya buga suna jibge a sito, gobe wasu su hau kansu, na ƙasa su fara tsiyaya.

Matsalar takardarka ita ce daga inji ka faro. Ka rubuta abin da za ka iya bugawa, sai ka kira shi ciniki. Inji bai taɓa sayen ruwa ba.

Injiniya Kabiru: Wannan gaskiya ne Alhaji, amma ai ba duka ake kaiwa da mota ba. Masu baro da masu adaidaita suna zuwa bakin kamfani su ɗauka.

Alhaji Ɗanlami: Suna zuwa. Amma suna zuwa ne inda suka saba, inda ake ba su bashi da safe su kawo da yamma. Sabon kamfani ya samu jaka 100 a bakin ƙofa a rana ya gode Allah. Na sa masa, ya zama 1,000.

Maman Ilham: Ni shago nake da shi da firiza biyu, bari in faɗa maka abin da ke faruwa a gefenmu. Na ɗaya, wannan N300 da ka rubuta a ina ka samo ta?

Nura: Hajiya haka nake sayen jaka a shagon layinmu.

Maman Ilham: To kuɗinmu ne ka rubuta, ba naka ba. Idan ni zan sayar 300, kai kuma ka kawo min a 300, me na ci? A wurinmu idan jaka tana 300 a shago, mota tana sauke mana ne wajen 230. Kuma wannan kamfanin da na sani ne. Kai sabo idan ka zo, ruwanka ba wanda ya san ɗanɗanonsa, ina da mutum uku da suke kawo min, dole ka ba ni dalilin da zan buɗe maka wuri. Duk sabon da ya zo gyara yake yi, ka ɗauki goma a ƙara maka ɗaya. Wani ma jaka biyar yake ajiyewa kyauta ya ce a gwada. Sannan duk wadda ta fashe ko ta yi warin leda ajiye maka zan yi, ba zan biya ba.

Kuma ko na karɓe ka, ba zan sallami sauran ba. Ranar da motarka ta lalace wa zai kawo min? A zafi ina iya sayar da jaka 15 a rana, amma raba ta nake yi tsakaninku. Kasonka bai wuce biyar ba.

Bashir Akanta: Maganar Hajiya ta ba mu lambobi biyu masu amfani. Ta farko farashi. Jaka 11 a kuɗin 10, wato N2,300 a raba 11, ya kama N209 kowace jaka. Ba 300 ba, ba ma 230 ba. Tun kafin a taɓa yawan jaka, kusan kashi 30 cikin ɗari na miliyan 216 ya zube a nan kaɗai.

Ta biyu ita ce wadda nake so Nura ya tsaya a kanta. Idan kason kamfaninka a shago jaka 5 ne a rana, to jaka 900 tana buƙatar shago 180 da suke karɓar ruwanka a kai a kai. Ya yi daidai da lissafin Alhaji ma: tsayawa 60 a rana, kowane shago a koma masa bayan kwana uku a sauke 15. Nura, a cikin tsarinka akwai sunan shago nawa?

Nura: Gaskiya ban rubuta sunaye ba. Na rubuta dai cewa yawan jama'ar yankin ya isa, ko kashi ɗaya cikin ɗari muka samu mun sayar da duka.

Bashir Akanta: Wannan jimlar ta "ko kashi ɗaya muka samu" ina yawan ganinta a takardun da ake kawo min, kuma duk inda na gan ta nakan ja layi a ƙarƙashinta. Tana sa abu ya yi kama da ƙarami alhali ba ta faɗi yadda za a same shi ba. Kashi ɗayan nan yanzu haka wani ne yake kai musu ruwa, yana da direba da ya san sunan 'ya'yan mai shagon. Kai ƙwace za ka yi, shago bayan shago. Idan mai tallanka yana samo sabon shago biyu a rana da suka tsaya da gaske, 180 sai ya yi kwana 90 na aiki, sama da wata uku. A takardarka kuwa watan farko da na goma sha biyu duk miliyan 18 ne.

Sadiq: Ni dai shawarata ka duba kuɗin leda da gas. Naɗin leda kullum tashi yake, ga man janareto. Wani abokina a kansu ya rufe nasa. Ka sa sola tun farko ka huta.

Bashir Akanta: Sadiq wannan ɓangaren kashe kuɗi ne, za mu zo kansa. Yanzu abin da zai shigo muke dubawa. Idan na sama ƙarya ne, duk yadda ka ƙididdige na ƙasa ribar da za ta fito ƙarya ce.

Sadiq: To ai duk ɗaya ne, in leda ta tashi sai ya ƙara kuɗin jaka.

Alhaji Ɗanlami: Da haka ne da babu wanda ya rufe. Ba kai kaɗai kake yanka farashi ba. Akwai ƙungiyar masu ruwa, ATWAP, sukan zauna su sanar da sabon farashi idan kaya sun tashi, amma sai ka ga wani ya zagaya ta baya yana ƙara gyara don ya kwashe shaguna. Ka ƙara naira 20 kai kaɗai, gobe Maman Ilham ta ce wa direbanka akwai saura, a dawo jibi.

Maman Ilham: Alhaji ka tona min asiri. Amma haka ne wallahi.

Nura: Akwai abin da ban faɗa ba. Wani mai ƙanƙara a kusa da mu ya yi min alkawarin zai riƙa ɗaukar jaka 400 kullum, da motarsa. Wannan ai ya rage matsalar rabo.

Alhaji Ɗanlami: Yaushe ya faɗa maka?

Nura: Cikin Afrilu.

Alhaji Ɗanlami: Ka koma ka tambaye shi cikin Janairu. Mai ƙanƙara shi ne mutumin da kasuwarsa ta fi ta kowa bin yanayi, kuma ta fi ta kowa bin wuta. Satin da layinsa ya samu matsala ba zai ɗauki ko jaka ɗaya ba. Sannan wanda yake ɗaukar 400 ba a 230 zai saya ba, zai ce 190 ko 200, kuma a ƙarshen mako zai biya. In kasuwa ta yi masa kyau shekara biyu, inji zai saya ya dasa a bayan shagonsa. Ban ce ka ƙi shi ba. Amma alkawarin baki na mutum ɗaya kada ya zama kashi 40 na cinikinka a takardar da za ka karɓi kuɗin Kawunka da ita. Ka rubuta shi a gefe, a matsayin ƙari in ya zo.

Tunda an zo kan yanayi, bari in yi maka lissafin yadda shekara take a wurina, kai ma ka tambayi wasu ka gwada. Maris zuwa Yuni, wata huɗu, kasuwa ce ta gaske, duk abin da mota ta iya ɗauka zai ƙare. Nan ne za ka yi 1,000 ɗinka. Daga Yuli ruwa ya zauna, gari ya yi sanyi, wasu lungunan ma mota ba ta shiga saboda taɓo. Oktoba zafi yakan ɗan dawo. Yuli zuwa Nuwamba in ka haɗa su, ka sa 700. Disamba zuwa Fabrairu hunturu, mai shago zai riƙe jaka 15 har kwana biyar ko shida. Ka sa 450. Kuma ba kwana 30 ba, 26. Mota tana zuwa gareji, ana wanke tankuna da canza filta, Juma'a rabin yini ce, ga safiyar tsaftar muhalli a Asabar ɗin ƙarshen wata, ga sallah biyu da yaran mota suke tafiya gida.

Bashir Akanta: Na buga. Wata huɗu a 1,000, jaka 104,000. Wata biyar a 700, jaka 91,000. Wata uku a 450, jaka 35,100. Jimla 230,100 a shekara, inda Nura ya rubuta 720,000. A farashin N210, miliyan 48 da 'yan kai. Bai kai rubu'in miliyan 216 ba. Kuma wannan shekarar da shago 180 suka riga suka zauna ce, ba ta farko ba.

Nura: Innalillahi. Wato duk abin da na zauna na yi banza ne.

Malam Habu: Kun ga irinta ko. Yaro ya zo da ƙwarin gwiwa kun karya masa zuciya. Kamfanonin da ke gari duk haka suka zauna suna buga lissafi kafin su fara? Ga azumi ma ba ku sa ba, lokacin da ake sadakar ruwa a masallatai, jaka har wahalar samu take.

Alhaji Ɗanlami: Malam Habu gara zuciyarsa ta karye a nan da zumunci ya karye a gida. Kuɗin kawunsa ne. Idan ya ce masa miliyan 18 a wata, wata na uku aka ga miliyan 3, ba za a ce lissafi ne ya kuskure ba, cewa za a yi yaro yana ci.

Maganar azumi kana da gaskiya a shekarun da suka wuce, lokacin da yake faɗowa a Afrilu da Mayu. Amma kowace shekara yana matsowa baya da kusan kwana 11. A 2025 farkon Maris aka ɗauka, 2026 tsakiyar Fabrairu, 2027 farkon Fabrairu, daga nan sai Janairu. Shekarun da Nura zai mayar da uwar kuɗi, azumi cikin sanyi zai riƙa zuwa. Za a yi sadaka, amma ba irin wancan rububin ba.

Hajiya Rabi: Ni kaji nake kiwo, amma abin da ya same ni ke nan. Wanda ya rubuta min tsari ya sa kaza 1,000 ƙwai 900 kullum tun daga watan farko har ƙarshe, a farashin kiret na kanti. Bai sa watannin da za su ci abinci ba su fara yi ba, bai sa masu mutuwa ba, bai sa cewa dila ne zai zo gona ya saya ƙasa da haka ba. Nura ka duba, kai ma akwai watannin da za ka biya ma'aikata ba ka sayar da komai ba?

Injiniya Kabiru: Akwai kuwa. Ba zai fitar da ruwa kasuwa ba sai da lambar NAFDAC a jikin leda, su kuma sai an gama gini an dasa injina sannan su zo duba wuri, a gwada ruwan. Tsakanin dasa inji da fara sayarwa akwai tazara, a takarda a sa sifili a wurin. Wani abu kuma da na gani yanzu: ƙarin kashi 25 na shekara ta biyu. Ka riga ka cika inji biyu awa 10 a shekarar farko. Jaka 2,500 daga ina za ta fito, tunda ba ka sa inji na uku ko aikin dare ba?

Nura: Kawai na ga ana sa ƙari a kowace shekara ne.

Bashir Akanta: Kowane ƙari sai an rubuta abin da zai kawo shi a gefensa. Mota ta biyu ce, ko sabuwar unguwa, ko ƙarin farashi. Idan farashi ne saboda tsadar kaya, wannan ba girma ba ne, leda da gas sun tashi tare da shi.

Kuma ba banza ka yi ba. Ka sake ginin daga ƙasa. Ka ɗauki littafi ka bi hanyar da motarka za ta bi, shago shago. Ka tambayi kowa jaka nawa yake sayarwa a zafi, nawa a sanyi, kamfani nawa ke kawo masa, a nawa, da gyara ko babu, hannu da hannu yake biya ko sai an dawo. Shago 40 ma sun isa su nuna maka gaskiyar unguwar. Sannan a kwamfuta kada ka rubuta 18,000,000 sau goma sha biyu. Ka ware gida ɗaya na yawan shaguna, ɗaya na jakar kowane shago a rana, ɗaya na kwanakin aiki, ɗaya na farashi bayan gyara, kowane wata da nasa gidajen, na watan farko ya zama `=B2*B3*B4*B5`. Kawu ya ce idan shago 120 kawai aka samu fa, ka canza gida ɗaya ya gani da idonsa.

Abu ɗaya da ban yarda da Alhaji ba shi ne 1,000 a matsayin rufi. Rufin mota ɗaya ne, ba na kasuwa ba. Ni da ni ne, in fasa inji na biyu in sayi mota ta biyu da kuɗin, ko da sai an cika. Inji ɗaya awa 10 ya riga ya ba da 1,000, a zafi a yi aikin dare.

Alhaji Ɗanlami: A takarda haka ne Bashir. Amma mai inji ɗaya ranar da ya tsaya a Afrilu, kwana biyu ana neman makaniki, shagunansa sun koma wa wasu, kuma ba duka ke dawowa ba. Inji na biyu ba don yawa na ajiye shi ba, don kada mota ta fita fayau. Sannan mota ta biyu direba na biyu ne, kuma wanda bai iya riƙe lissafin direba ɗaya ba, biyu za su gama da shi. Kamashonsu ma ba ku cire ba, naira 15 ko 20 a jaka, tun a hanya suke zare abinsu.

Bashir Akanta: Kamasho a kashe kuɗi yake shiga, ba a rage shi daga ciniki.

Alhaji Ɗanlami: A littafinku. Ni abin da ya shigo aljihun tebur da magariba shi nake kira ciniki.

Maman Ilham: Ku bar wannan. Nura in za ka zagaya shaguna kada ka je da rana tsaka muna fama da jama'a, ba wanda zai kula ka. Ka je da hantsi. Kuma kada ka ce kamfani za ka buɗe, kowa zai ce maka kawo zan karɓa don ya samu na gwaji. Ka sayi lemo ka zauna, ka ga motar wa ta tsaya, jaka nawa aka sauke.

Nura: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan ce wa Kawu ya ƙara min mako biyu. Tambaya ɗaya Alhaji: 450 na sanyi da ka faɗa, da mai ƙanƙara a ciki ko babu? Kuma idan na ɗauki hayar mota ta biyu wata huɗun zafi kawai maimakon saye, ana yin haka?

Alhaji Ɗanlami: Babu shi a ciki. Haya ana yi, amma a zafi kowa nema yake, sai ka kama tun Janairu ka ba da kafin alƙalami. Ka fara kawo littafin shagunan mu gani, in ba su kai 180 a hanyar ba maganar mota ta biyu ma ba ta taso ba.

Sadiq: Har yanzu dai ba wanda ya ce komai a kan sola.